Yadda ake rubuta wa ejan saƙon neman farashin tikitin mutum 12 masu zuwa biki daga Jidda zuwa Kano

Ba ejan ne yake yanka farashin tikitin rukuni ba. Idan saƙonka ya iso masa, tura buƙatar yake yi ga sashen da ke kula da masu tafiya a rukuni a kamfanin jirgi, su duba jirgin ranar, su ga kujerun da suka rage, sannan su ba shi farashi da sharuɗɗa. Amsarsu takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku na aiki. Duk abin da ka bari a dunƙule, sai ejan ya dawo ya tambaye ka, kai kuma ka koma ka tambayi Kawu da Gwaggo, kafin a gama wannan kai-komo mako ya wuce, kujerun da ake hange sun tafi. Shi ya sa saƙon da ya tsaya a kan "mu goma sha biyu ne za mu Kano biki a Disamba, nawa ne?" ba ya kawo farashi. Tambayoyi kawai yake jawowa.

Bari mu ɗauki iyali guda mu bi su har ƙarshe. Mazauna Makka ne, za su aurar da 'yar ƙanin mai gida a Kano. Ɗaurin aure ranar Juma'a 18 ga Disamba 2026 bayan an sauko daga masallaci, kamu kuma tun Laraba 16. Masu tafiya su 12 ne: manya 9, ciki har da Hajiya Babba wadda gwiwa ta hana ta hawa bene, yara 2 masu shekara 7 da 4, sai jaririya mai wata 23.

Fara da ƙirga kujeru

Yawancin kamfanonin jirgi sai mutum 10 zuwa sama, masu hawa jirgi ɗaya a rana ɗaya, suke ɗauka a matsayin rukuni. Shafukansu na sayar da tikiti ma ba sa barin a sayi fiye da 9 a lokaci guda. To amma kujeru suke ƙirgawa. Wanda ya kai shekara 12 babba ne a wurinsu, ejan zai rubuta shi ADT. Daga shekara 2 zuwa 11 yaro ne, CHD, yana da kujerarsa. Wanda bai cika shekara 2 ba jariri ne, INF, a cinyar uwarsa yake tafiya, kuma galibi ba a sa shi cikin lissafin goman nan. Ke nan iyalinmu mutum 12 ne a gida, amma kujera 11 ce a tafiya.

Dawowa ce take da rikici, kuma ita ce mutane suka fi mantawa su yi magana a kanta. Hajiya Babba ta daɗe ba ta je gida ba, ba za ta juyo bayan mako biyu ba, Gwaggo kuma za ta zauna da ita har 17 ga Janairu. Manya 7 da yara 2 suka rage a jirgin 27 ga Disamba, kujera 9 ke nan, rukuni ya karye. Abin da ya cece su a nan shi ne jaririyar: za ta cika shekara 2 ranar 20 ga Disamba, tana Kano. Shekarun da fasinja yake da su a ranar tashin jirgi ake dubawa, don haka a dawowa dole a saya mata kujera, ta zama ta goma. Wasu kamfanonin kuɗin yaro za su caza a dawowa kaɗai, wasu kuma a kan tafiyar gaba ɗaya. Idan ba ka faɗi ranar haihuwarta ba, za a ba ka farashin jariri, sai a filin jirgin Malam Aminu Kano a ce babu hawa sai an sayi sabon tikiti a farashin ranar.

Lura da cewa goman nan a bakin gaɓa take. Mutum ɗaya ya ce shi ma zai ƙara mako, ko kafili, wato ubangidan aiki a Saudiyya, ya hana wani hutu, farashin kowa na iya komawa na ɗaiɗaiku. Saboda haka kafin ka rubuta wa ejan komai, ka kira kowane babba da kansa, ka ji ranar tafiyarsa da ranar dawowarsa daga bakinsa. "In sha Allahu zan je" na ɗan'uwan da bai nemi hutu ba tukuna, kada ka ƙirga shi cikin tabbatattu. Ka ware shi, ka gaya wa ejan tabbatattu kaza ne, mai yiwuwa kaza, ka tambayi sharaɗin ƙara kujera daga baya.

Ranaku

A gida ana iya cewa bikin a Rajab ne, amma tikiti da kwanan watan Miladiyya ake yanka shi. Ka rubuta sunan rana, lamba, sunan wata da haruffa, da shekara: Lahadi 13 ga Disamba 2026. Kada ka rubuta 12/11 ko 11/12, domin ejan ɗaya zai karanta Disamba, wani ya karanta Nuwamba.

Ranar ɗaurin aure ba ita ce ma'auni ba. Mata suna son su iske sa lalle da kamu, ga ɗinkin anko da za a gwada, ga kayan da aka yo wa amarya daga Makka waɗanda sai an jera su. Ga kuma hazo: a Disamba da Janairu ƙurar hunturu kan rufe sararin Kano har jirgi ya yi jinkiri ko a karkatar da shi wani gari. Wanda ya yanki tikitin sauka ranar Alhamis da dare don ɗaurin auren Juma'a ya sa kansa cikin fargabar da bai kamata ba. Iyalinmu za su nemi Lahadi 13, su ba da zaɓi na biyu Litinin 14, su kuma faɗi iyakar da ba za a ƙetare ba, wato dole su kwana a Kano daren Talata 15. Wannan sassauci na kwana ɗaya ko biyu yana da amfani sosai, domin ba kullum kowane kamfani yake da jirgin Kano ba, kuma jirgin da babu kujera 11 a cikinsa yau, na gobe yana iya samu.

Akwai tarko a jiragen tsakar dare. Jirgin da aka rubuta Litinin 02:30, daren Lahadi ake barin gida dominsa. Iyalai sukan rasa jirgi saboda wannan kaɗai, su zo daren Litinin a ce musu ya tashi tun jiya. Ka roƙi ejan ya rubuta lokacin tashi da na sauka da ranakunsu. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa 2, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da ake ciki ne.

Lokacin aika saƙon ma yana da tasiri. Ofisoshin kamfanoni a Saudiyya Juma'a da Asabar suke hutu, don haka saƙon da aka tura daren Alhamis zai kwanta har Lahadi. Ka tura ranar Lahadi ko Litinin da safe. Idan bikin ya faɗo bayan ƙaramar Sallah ko bayan aikin Hajji, lokacin da masu Umara da alhazai suke komawa gida, jiragen Jidda zuwa Kano a cike suke, sai a fara nema da watanni. A sauran lokuta ma wata biyu zuwa uku kafin tafiya ya fi kwanciyar hankali.

Takardu kafin kuɗi

Ba aikin ejan ba ne ya gyara maka iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, amma kuɗin da za ka ba shi yana rataye da ita. Duk mai iƙama sai da bizar fita da dawowa, huruj da auda, zai bar ƙasar. Mai gida yana fitar wa iyalansa ta manhajar gwamnati ta Absher, ma'aikaci kuma kafilinsa ko kamfaninsa ne zai fitar masa ta Absher ko Muqeem. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100, kuma ba ta wuce wa'adin iƙamar. Ka tattara iƙamomin duka ka duba ranar ƙarewarsu, musamman ta Hajiya da ta Gwaggo da za su kai tsakiyar Janairu. Tarar hanya da ba a biya ba, ko kuɗin iyali da ya taru, suna iya tsayar da fitar bizar.

Fasfo kuma a tabbata yana da sauran wata 6 daga ranar tafiya. Wanda nasa ya kusa mutuwa ya nufi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda tun yanzu, kuma a gaya wa ejan cewa lambar fasfonsa za ta canza. Jaririyar da aka haifa a nan tana buƙatar nata fasfon da tata iƙamar. Idan akwai mai fasfon Saudiyya ko na wata ƙasa a cikin dangi, abin da ba baƙo ba ne a gidajen Hausawan Makka, sai ya nemi bizar shiga Najeriya, kuma ka ambaci hakan a saƙo. Haka katin rigakafin shawara, wanda ake iya tambaya a shiga Najeriya da kuma a dawowa.

A saƙon farko ba sai ka tura hotunan fasfo ba. Farashi ba ya buƙatar suna. Takardun mutum 12 kuwa ba abin rarrabawa ba ne ga ofis uku ko huɗu da ba ka riga ka zaɓi ɗaya a cikinsu ba.

Kaya da Hajiya

Tafiyar biki tafiyar kaya ce: abayoyi, dardumai, turare, dabino, bargo, akwatunan amarya. Tikiti mai araha wani lokaci jaka ɗaya ce tak a cikinsa, sai a biya kuɗin ƙari a filin jirgi wanda zai cinye ragin har ya wuce. A hanyoyin Najeriya an saba ganin jaka 2 masu kilo 23 kowacce, amma ya danganta da kamfani da nau'in tikitin, don haka a rubuce za ka nema. Kujera 11 sau 2 jaka 22 ke nan. Inda ake ƙirga jaka-jaka, ba a haɗa nauyi: akwati mai kilo 30 zai ja tara ko da na kusa da shi kilo 12 ne. Kuma ko da biya, jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32. Ka tambayi kuɗin ƙarin jaka idan an biya tun kafin ranar tafiya, domin yakan fi na kan kanta sauƙi. Ruwan Zamzam kuwa ƙa'idarsa ta fi shafar masu bizar Umara da Hajji, don haka mai iƙama ya tambaya kafin ya yi wa mutanen gida alkawari.

Keken Hajiya yana da matakai uku, kuma bambancinsu ba ƙarami ba ne. WCHR na wanda tafiya mai nisa ce take ba shi wuya amma yana iya hawa matakalar jirgi. WCHS na wanda ba ya iya hawa matakala amma zai iya takawa zuwa kujerarsa. WCHC na wanda sai an ɗauke shi har kujera. Idan ka ce "keke" kawai, na farkon za a sa, sai motar fasinja ta sauke ku a gindin jirgi Hajiya ta tsaya tana kallon matakala. Ka bayyana abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa. Ana son wannan buƙata ta shiga aƙalla awa 48 kafin tashi, amma tun a saƙon farko ya kamata, don ejan ya guje wa hanyar da ke da doguwar tsayawa. Mai juna biyu ma a faɗi makonnin cikinta a ranar tafiya da ranar dawowa, domin daga wajen mako 28 kamfanoni da yawa suna neman takardar likita.

Maganar hanya ke nan. Jirgin da ya miƙe daga Jidda zuwa Kano kusan awa 5 yake yi. Akwai kuma masu yada zango, kamar Ethiopian ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha. Ga matasa zalla, tsayawar awa 8 ba komai ba ce idan akwai ragi. Da tsohuwa da yara uku, ka sa iyaka, ka kuma nemi tikiti ɗaya tun daga Jidda har Kano, yadda kaya za su wuce kai tsaye, kuma idan jirgin farko ya makara nauyin ku yana kan kamfani.

Saƙon kansa

A rubuce za ka tura, saƙo guda cikakke. Saƙon murya na minti huɗu ba ya turuwa zuwa kamfanin jirgi, kuma ba ya zama hujja ran da aka sami saɓani. Gaisuwa dole ce, amma a taƙaice. Ga yadda na iyalinmu zai kasance:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki, ya iyali? Allah ya taimaka.

Muna neman farashin rukuni daga Jidda (JED) zuwa Kano (KAN), zuwa da dawowa, kujerun talakawa. Biki za mu je.

Mu 12 ne: manya 9, yara 2 (shekara 7 da shekara 4), jaririya 1 wadda aka haifa 20 ga Disamba 2024, za ta cika shekara 2 kafin dawowa.

Tafiya: Lahadi 13 ga Disamba 2026, mu duka. In babu, Litinin 14. Dole mu kasance a Kano kafin daren Talata 15.

Dawowa: mutum 10 (manya 7, yara 2, da jaririyar) Lahadi 27 ga Disamba 2026, ko kwana ɗaya gaba ko baya. Manya 2 kuma Lahadi 17 ga Janairu 2027.

Mun fi son jirgin da ba ya tsayawa. In mai tsayawa ne, kada ya wuce awa 4, kuma a tikiti ɗaya.

Akwai dattijuwa da ba ta iya hawa matakala amma tana takawa zuwa kujera (WCHS), tana cikin masu dawowa 17 ga Janairu. Mutum 11 fasfon Najeriya da iƙama, mutum 1 fasfon Saudiyya.

Don Allah a rubuto mana:
1. Kuɗin babba, na yaro da na jaririya, kowanne daban, da riyal, haɗe da haraji da ladan ofis.
2. Sunan kamfani, lambar jirgi, lokacin tashi da sauka.
3. Jaka nawa, kilo nawa, da kuɗin ƙarin jaka.
4. Ko mutum biyun da za su dawo daban suna cikin farashin rukuni.
5. Kafin alƙalami nawa ne, yaushe za a biya, kuma ana mayarwa in an fasa?
6. Ranar ƙarshe ta ba da sunaye da ta cika kuɗi.
7. Sharaɗin canza suna ko rana, kafin yanka tikiti da bayansa.
8. Abin da zai faru in muka gaza 10.
9. Har zuwa yaushe wannan farashi yake tsaye.

A haɗa mana da farashin ɗaiɗaiku na wannan jirgin don mu kwatanta. Ni kaɗai zan riƙa magana da ku a madadin iyali. Muna son amsa zuwa Laraba in Allah ya yarda. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Lambobin JED da KAN da WCHS suna nan ne don ko wanda zai karɓi buƙatar a kamfani ba ya jin Hausa, ba zai ɓata ba. In ejan Balarabe ne ko ɗan Sudan, sai a juya saƙon zuwa Larabci a bar tsarinsa yadda yake. Wanda ke zaune Madina ya sa MED, ya kuma tambayi farashin tashi daga Jidda, a auna da kuɗin mota.

Jimlar nan ta "ni kaɗai zan riƙa magana" kada ka cire ta don kunya. Idan Yaya ya kira ejan ya ce a matsar da rana, Anti ta kira ta ce a ƙara mutum, wani kuma ya je ofis na biyu da na uku da wannan buƙata, kamfanin jirgi zai ga buƙatu iri ɗaya daga wurare daban-daban a kan jirgi ɗaya. Wannan ba ya sauko da farashi, yana ma iya sa a tsayar da maganar har a san wanda yake riƙe da ita. In kana son kwatantawa, ofis biyu sun isa, kuma ka gaya wa kowanne gaskiya cewa kana tambayar wani wuri.

Karanta amsar ejan

Mutane da yawa suna zaton tikitin rukuni dole ya fi araha, sai ransu ya ɓaci idan suka ga ya fi abin da ke shafin kamfani. Dalilin shi ne kujerun jirgi ɗaya ba farashinsu ɗaya ba. Kamar tumatir ne a kasuwa, kashi-kashi: akwai 'yan kujeru kaɗan a kashi mafi araha, idan suka ƙare a hau na gaba. Farashin da ka gani da ka nemi na mutum ɗaya na kashin ƙasa ne, wataƙila kujera 4 suka rage a cikinsa. Ka sake nema da mutum 9, za ka ga ya tashi, domin na'ura tana ba kowa farashin kashin da zai ɗauke su duka.

Ga lissafi da alƙaluman misali kawai, a ajiye ragin yara da kuɗin jaririya gefe. A ce kujera 4 suna kan riyal 2,300, sauran suna kan 2,900. In aka saya a rarrabe, 4 ɗin sun kama 9,200, sauran 7 sun kama 20,300, jimla 29,500. Ejan kuma ya kawo farashin rukuni 2,750, sau 11 ya zama 30,250. Rukuni ya fi tsada da riyal 750. Abin da wannan 750 take saya shi ne lokaci: a ce kafin alƙalami kashi 20 cikin 100 ne, da riyal 6,050 an kama kujera 11 a farashi ɗaya, sauran kuɗin sai ranar da aka sa, sunaye ma daga baya. Idan Kawu ya fasa kafin a yanka tikiti, yawanci ana iya sa wani a gurbinsa, alhali tikitin ɗaiɗaiku ba ya komawa sunan wani. Ga dangin da kuɗinsu sai an jira albashi, kuma mutum biyu ba su gama da kafili ba, rukuni ya fi. Ga waɗanda kuɗi yana hannu, takardu sun kammala, kowa ya tabbata, sayen ɗaiɗaiku a kashi biyu na iya fin sauƙi, sai dai kada a raba yaro da babban da zai riƙe shi a rajista daban.

Abu uku za ka sa wa ido a amsar. Na farko, kalmar "haɗe da komai". Farashin rukuni sau da yawa asalin kuɗin kujera ne kawai ake tsayarwa, haraji da ƙarin kuɗin mai kuwa sai ranar yanka tikiti ake lissafa su, suna iya motsawa. Ka tambaya wanne ne tsayayye. Na biyu, ragin yara: wasu farashin rukuni kuɗi ɗaya ne ga duk mai kujera, babba ko yaro. Na uku, ranakun ƙarshe. Idan ranar cika kuɗi ta wuce, na'ura ce take sakin kujerun, ba ta san uzuri ba, kafin alƙalami kuma yana iya tafiya. Ka sa wa dangi tasu ranar, kwana biyar kafin ta ejan.

Amsar da ta zo da lamba ɗaya tak, babu sunan kamfani, babu lambar jirgi, babu sharaɗi, ƙiyasi ne ejan ya yi daga kansa. Ka gode masa, ka ce kana jiran wadda ta fito daga kamfani.

Biya da sunaye

Kafin ka tura ko riyal ɗaya, ka tabbata ofishin yana da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido da rajistar kasuwanci, kuma asusun da aka ba ka da sunan ofishin yake. Sanayya ba ta hana karɓar rasit. Rasit ɗin ya nuna adadin kujeru, ranaku, abin da aka biya da abin da ya rage. Bayan kafin alƙalami, ka nemi lambar rajistar kujerun, PNR, mai haruffa da lambobi 6.

Sunaye kuma daga fasfo ake kwafo su harafi-harafi, ba daga iƙama ba, ba kuma daga yadda ake kiran mutum a gida ba. MUHAMMAD, MOHAMMED da MUHAMMED mutum uku ne a wurin na'ura, haka AISHA da AISHATU. A gida ɗaya ana iya samun masu suna iri ɗaya su biyu ko uku, jika da kaka, don haka kowane suna ya tafi da ranar haihuwa, lambar fasfo da ranar ƙarewarsa, a jere guda, tare da hoton shafin fasfon mai haske. Ka nuna wace ce uwar da jaririya za ta hau cinyarta, ka kuma tabbata tana cikin masu dawowa 27 ga Disamba. Ejan zai turo maka jerin kafin ya yanka. Ka ajiye fasfunan 12 a gabanka ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin gyara kafin yanka tikiti yakan zama kyauta, bayansa kuwa da kuɗi, wani lokaci ma sai sabon tikiti.

Takardar da ke ɗauke da sunaye da lokutan jirgi ba ita ce shaidar an biya kamfani ba. Tikitin da aka yanka yana da lamba 13 ga kowane fasinja, har jaririya, kuma ukun farko na kamfanin ne: 065 na Saudia, 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways. Ka ƙirga tikitin, su cika 12. Ka gwada PNR da sunan mahaifi a shafin kamfanin, in kuma rajistar rukuni ba ta buɗuwa a can, ka kira kamfanin ka karanta musu lambar tikiti biyu ko uku, ka tambaya ko buƙatar keken Hajiya ta shiga a zuwa da dawowa, tunda ranar dawowarta daban ce.

Tambaya ta ƙarshe ga ejan ita ce daga wace tasha jirgin zai tashi. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz yana da Tasha ta 1 da Tashar Arewa, ban da ta alhazai, kuma akwai tazarar mota a tsakaninsu. Daga Makka tafiyar ta kai awa ɗaya da rabi in hanya ta cika, jaka 22 kuma ba sa shiga motar gida, sai an ɗauki kosta da wata motar kaya. A lissafa yadda za a isa awa 4 kafin tashi, fasfunan duka da bizar fita a hannun mutum ɗaya, kowace jaka an auna ta a gida an rubuta sunan mai ita a jiki.